Launi, Tazarar Tambari da Haruffa: Tambayoyin Masu Sabuwar Sana'a a Zariya

Waɗannan su ne tambayoyin da masu buɗe sabuwar sana'a suka fi yi wa mai zane idan an zo maganar tambari. Don kada maganar ta tsaya a iska, misali ɗaya za mu riƙe har ƙarshe. A ce wata Hajiya ce a Tudun Wada ta fara sana'ar zoɓo da ƙuli-ƙuli da yaji, tana kai wa shaguna a Samaru da Kongo, tana kuma karɓar oda ta WhatsApp. An riga an zana mata tambari: furen zoɓo a sama, sunan sana'ar a ƙasa.

Ai an riga an zana mini tambari. Wane kundi kuma ake cewa in haɗa?

Tambari hoto ne kawai. Kundin shi ne takardar da ke faɗin yadda za a yi amfani da hoton: wane launi da lambarsa, wane fili za a bar masa, iya ƙanƙantar da zai yi, da kuma irin haruffan da za a riƙa rubutu da su a kusa da shi. Ga ƙaramar sana'a shafi ɗaya ya isa, sai jakar fayiloli a waya da wani wuri na ajiya.

Dalilin yin sa shi ne hannaye da yawa za su taɓa tambarin nan. Mai sitika a Sabon Gari daban, mai buga leda daban, mai fentin allo daban, ga kuma ƙanin Hajiya da ke haɗa mata hotunan talla a waya. Kowannensu idan ba a ba shi ƙa'ida a rubuce ba, da idonsa zai auna. Bayan wata shida sai ka ga jan sitika ya koma ruwan goro a allo, na leda kuma ya yi ruwan hoda, mai saye ya kasa gane cewa kayan mutum ɗaya ne.

Daga ina zan fara?

Ba daga zaɓen launi ba. Ɗauki biro ki rubuta duk inda tambarin zai hau a shekarar farko. Na Hajiya: sitikar gorar zoɓo, sitikar robar yaji, leda, hatimin rasit, hoton WhatsApp, da allon ƙofar gida. Sai ki duba wanne ne ya fi tsauri a cikinsu. Kusan kullum hatimi ne da leda, domin tawada ɗaya suke ɗauka kuma ba sa fitar da siraran layuka.

Shi ya sa gwajin farko shi ne a mayar da tambarin baƙi zalla a kan farar takarda, babu inuwa, babu launin da ke narkewa cikin wani. Idan an gane shi a haka, zai rayu ko'ina. Idan ya dunƙule ya zama tabo, a koma wajen mai zane ya rage masa kwalliya tun kafin a kashe kuɗin bugu.

Launi nawa ya kamata in zaɓa, kuma wanne?

Huɗu sun wadatar, kowanne da aikinsa: babban launi da za a san ki da shi, launi mai haske na shimfiɗa, launi mai duhu na ƙananan rubutu, da ɗan launin ado da ake sawa kaɗan. Hajiya ta tsaya a kan waɗannan:

```
Jan zoɓo      #7A1230
Ruwan madara  #FFF4E0
Baƙin rubutu  #222222
Ruwan gwal    #E8A317
```

Lambobin nan su ake kira HEX. Duk wanda ya rubuta `#7A1230` a Canva ko CorelDRAW ko wata manhajar zane, ja iri ɗaya zai samu, ba sai ya ƙiyasta ba.

Batun wane launi kuwa, ni ban cika ba wa jadawalin nan da ke yawo muhimmanci ba, mai cewa shuɗi amana ne, ja kuma yunwa yake jawowa. Abin da ya fi amfani shi ne ki shiga shagon da za ki kai kayan, ki tsaya gaban kanta ki ga launin da ya cika wurin, ki kauce masa. Ki kuma tuna launukan da suka riga suka yi mai su a idon jama'a. Ruwan ɗorawa mai haske da baƙi MTN yake tuna wa mutum. Kore da fari a Samaru sai a ɗauka abin ABU ne ko na gwamnati. Lokacin siyasa kuma wasu haɗe-haɗen launi na iya sa a yi miki kallon 'yar wata jam'iyya alhali zoɓo kike sayarwa.

Launin da na gani a waya ya yi kyau, da aka buga sai ya dushe. Laifin mai bugu ne?

Yawanci ba laifinsa ba ne. Fuskar waya da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, tsarin da ake kira RGB. Injin bugu kuma da tawada huɗu yake haɗawa a kan takarda, wato CMYK: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, ruwan ɗorawa da baƙi. Akwai launukan da haske ke iya fitarwa amma tawada ba za ta iya ba, musamman kore mai ƙyalli, shuɗi mai zafi da shunayya. Shuɗin da ya yi kyau a waya sau da yawa yakan karkata zuwa shunayya a takarda. Ga shi kuma waya biyu ma ba sa nuna launi iri ɗaya, balle idan an ƙure hasken ɗaya.

Manhaja za ta iya juya HEX zuwa CMYK da kanta, amma lambar da ta bayar mafari ce kawai, don sakamakon ya dogara da injin da tawadar da abin da aka buga a kai. Ga yadda ake kamo launin gaskiya. Mai zane ya jera murabba'ai tara na jan zoɓo a shafi ɗaya, kowanne an ɗan sauya shi: wannan an ƙara masa baƙi da kashi 5, wancan an rage masa ruwan ɗorawa da kashi 10, haka dai. A rubuta lambar CMYK ɗin kowanne a ƙarƙashinsa. A kai shafin wurin da za a riƙa bugu, a buga a kan ainihin sitikar da za a yi amfani da ita, ba farar takardar ofis ba. Sai a fito waje da rana a tsaya a inuwa a duba, domin hasken kwan lantarki na shago yana yaudarar ido. Murabba'in da ya dace, lambarsa ce za ta shiga kundi kusa da HEX.

Kada a yar da shafin. A yanke murabba'in a manna a jikin kundin, a ajiye inda rana ba ta taɓa shi. Duk ranar da za a sake bugu a je da shi, a nemi a fara fitar da guda ɗaya a kara su kafin a saki ɗari biyar.

Abu ɗaya kuma da ake yawan mantawa: ƙananan rubutu baƙi, kamar jerin kayan haɗi da lambar waya, a sa shi da baƙar tawada kaɗai, wato `K100`. Idan aka bari injin ya haɗa baƙin daga tawada huɗu, da zarar sun ɗan goce wa juna sai ka ga gefen haruffa yana fitar da ja da shuɗi, rubutun ya yi kamar ido na ganinsa bibbiyu.

Ta yaya zan san wane launi zai hau kan wane?

Akwai ma'auni. Ƙa'idar WCAG, wadda masu gina shafukan intanet ke bi, ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da shimfiɗarsa ya kai 4.5 zuwa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 zuwa 1 ga manyan haruffa. Don fuskar na'ura aka yi ta, amma tana yi wa bugu jagora sosai. Akwai shafuka na kyauta da za ki sa lambobin HEX biyu su ba ki lissafin, irin na WebAIM.

A launukan Hajiya, jan zoɓo a kan ruwan madara ya kusa 10 zuwa 1, ya wuce da nisa. Ruwan gwal a kan jan zoɓo kusan 5 zuwa 1, shi ma ya wuce. Amma ruwan gwal a kan ruwan madara 2 zuwa 1 ne kacal, ya faɗi. Don haka za a rubuta a kundi ƙarara: ba a rubutu da gwal a kan madara. Wannan haɗin kuwa shi ne mutane suka fi so, don yana kama da katin biki, sai an liƙa a gora a ga tsoho ya kasa karanta farashi.

Abin da ke cikin gorar ma shimfiɗa ne. Idan Hajiya ta zaɓi sitika mai garai-garai ta buga jan tambari a kai, zoɓon da ke bayansa zai haɗiye shi gaba ɗaya, kuma yawancin injunan da ake samu ba sa buga farar tawada. Mafita ita ce farar sitikar roba da aka shimfiɗa wa ruwan madara. Ta roba, ba ta takarda ba, tunda gorar a cikin ƙanƙara za ta wuni.

Mene ne tazarar tambari, kuma nawa zan bari?

Fili ne da ake bari babu komai a kewayen tambari: ba rubutu, ba hoto, ba lambar waya, ba bakin takarda. Kamar dai filin da ake bari tsakanin katanga da hanya ne. Idan babu shi, ido ba ya sanin inda tambari ya ƙare da inda sanarwa ta fara.

Kuskuren da ake yi shi ne a ce a bar santimita ɗaya. Santimita ɗaya a kan kati ya yi yawa, a kan allo mai faɗin mita biyu kuma ba a ma ganinsa. Ana ɗaukar ma'aunin ne daga jikin tambarin kansa don ya riƙa girma da raguwa tare da shi. Mafi sauƙi shi ne tsayin babban harafin farko na sunan sana'ar. A kira shi x, a ce a bar x ɗaya sama da ƙasa, hagu da dama.

Mu auna na Hajiya. A sitikar gora faɗin tambarin milimita 40 ne, tsayin babban harafin kuma milimita 6. Ke nan kalmar "Zoɓo mai citta" ba za ta matso kusa da milimita 6 ba, haka ma bakin sitikar. A allon ƙofa an faɗaɗa tambarin zuwa santimita 120, wato ninki 30, saboda haka tazarar ta zama santimita 18. Ba sai mai allo ya yi lissafi ba ma: ya auna harafin da tef, ya bar irin wannan tsayin a kowane gefe.

Ana auna tazarar daga wurin da ya fi fitowa waje, misali tsinin furen zoɓon a sama ko jelar harafi a ƙasa, ba daga tsakiyar zanen ba. A cikin kundi a zana tambarin da akwati mai ɗigo-ɗigo kewaye da shi, a sa x a kusurwoyi huɗu. Hoton nan ɗaya ya fi dogon bayani aiki, musamman ga yaron shago da ke sauri.

Inda za a sha gwagwarmaya shi ne allo. Mai sana'a yana ganin ya biya kuɗin kowane taku na fileks, wato ledar da ake buga allo a kai, don haka yana so a cike shi da jerin kaya goma sha biyu da lambar waya uku da hoton gora. Wanda ke wucewa a kan babur a hanyar Kwangila suna ɗaya da lamba ɗaya kawai zai iya ɗauka, su ma idan an bar musu fili.

Kada a haɗa wannan tazarar da ta yanka. Masu bugu suna so launin shimfiɗa ya zarce layin yanka da milimita 3, don kada farin zare ya fito a gefe idan wuƙa ta ɗan goce. Wannan ƙari ne a waje. Tazarar tambari daga layin yankan ake ƙirga ta zuwa ciki.

Har ina zan iya ƙanƙanta shi?

Da gwaji ake sani. A buga tambarin a faɗin milimita 40, 30, 25, 20 da 15 a shafi ɗaya, a miƙa wa wanda bai san sunan ba ya karanta daga tsawon hannu. Inda ya fara ƙanƙance ido, an wuce iyaka. A ce na Hajiya ya tsaya a 25. Sai a rubuta cewa ƙasa da milimita 25 furen kaɗai ake sawa ba tare da suna ba.

Furen kaɗai ɗin shi ne kuma zai tafi hoton WhatsApp, domin da'ira ake yanke shi, kusurwoyi su tafi. Murabba'in da ke iya zama cikin da'ira faɗinsa kusan kashi 70 cikin ɗari ne na faɗin da'irar. Idan hoton 1000 ne a kowane gefe, zanen ya tsaya cikin 700 na tsakiya.

Wane salon haruffa zan ɗauka? Na ga wasu masu lanƙwasa sun burge ni.

Kafin kyau, a fara tambaya ko salon ya san Hausa. Da yawa daga cikin masu kyan nan ba su da ɓ da ɗ da ƙ, balle manyansu Ɓ, Ɗ, Ƙ, wasu ma ba su da alamar naira. Idan harafi ba ya cikin salo, ɗayan biyu ne ke faruwa: ko akwati ya fito a gurbinsa, ko manhajar ta aro shi daga wani salo ba tare da ta faɗa ba. Na biyun ya fi wuyar kamawa. Alamarsa ita ce harafin mai ƙugiya ya fi 'yan uwansa siranta ko tsayi, ko ya tsaya a miƙe alhali sauran sun karkata. A kalma kamar ƙuli-ƙuli sau biyu za a ga tabon. Daga nan ne mai bugu ke gajiya ya cire ƙugiyar gaba ɗaya, ko ya liƙa waƙafi a gefen harafi.

Gwajin minti ɗaya ne. Rubuta wannan layin da salon da kike so, siriri da mai kauri duka, ki faɗaɗa shi sosai:

```
Ƙuli-ƙuli Zoɓo Ɗanɗano Ɓawo 'ya'ya ₦1,500 0O 1lI
```

Ƙarshen layin don lambar waya da lambar asusu ne: a ga ko sifili ya bambanta da harafin O, ɗaya kuma ya bambanta da l.

Salon da suka cika wannan sharaɗi akwai Noto Sans da Noto Serif na Google, da Andika da Charis SIL da Gentium na ƙungiyar SIL. Dukansu kyauta ne a ƙarƙashin lasisin Open Font License, wanda ya halatta amfani da su a kasuwanci. Wannan ma abin dubawa ne, domin wasu salon da ake saukewa kyauta an rubuta a jikinsu cewa don amfanin kai kawai ne, ban da sana'a.

Biyu sun isa: ɗaya na kanun magana, ɗaya na sauran rubutu. Hajiya ta ɗauki Noto Serif Bold don sunayen kaya, Noto Sans Regular don kayan haɗi da adireshi da farashi. Mai lanƙwasar da ya burge ki, idan har ya zama dole, a bar shi a cikin tambari kaɗai inda mai zane zai iya ƙera ƙugiyar da hannunsa. A rubuta girma a kundi: a sitika kada a sauka ƙasa da `7 pt`, kuma idan rubutun mai haske ne a kan duhu a ƙara masa, don tawada na ɗan malala ta cinye siraran layuka. A allo kuwa masu aikin suna ƙiyasta santimita biyu da rabi na tsayin harafi ga kowace mita uku ta nisa. Idan daga tsallaken titi mai nisan mita 15 ake so a karanta, harafin ya kai santimita 12 da rabi ko fiye.

Ina so in sa sunan da ajami ma. Zai yiwu?

Zai yiwu, kuma a cikin birni da unguwannin da ke da makarantun allo yana jawo ido. SIL na da Alkalami, wanda aka ƙera bisa irin rubutun ajamin yankin Kano, da kuma Harmattan. A ba malamin da ya iya ajami ya duba kafin bugu, domin manhajar da ba a saita ta ba takan rarraba haruffan ko ta jera su daga hagu. A kundi a ɗauke shi a matsayin siga ta biyu ta tambarin, da tata tazarar.

Waɗanne fayiloli zan karɓa daga mai zane kafin in cika masa kuɗi?

Na farko fayil da ba ya fashewa ko an faɗaɗa shi: SVG ko PDF, tare da CDR tunda CorelDRAW ne a kwamfutar yawancin masu bugu a nan. Hanyar tabbatarwa ita ce a buɗe a yi ta faɗaɗawa. Idan gefen haruffa ya fara zama matakala, hoto ne aka cusa a cikin PDF, ba zanen asali ba. Na biyu PNG marar shimfiɗa, don ɗorawa a kan hotunan talla. Kowanne a samu siga uku: mai launi, baƙi zalla, da fari zalla na kan duhu.

A wanda za a kai wa mai bugu, a mayar da rubutu zane, abin da CorelDRAW ke kira `Convert to Curves`, da `Ctrl+Q`. Idan ba a yi haka ba, kwamfutar da ba ta da salon za ta musanya shi da wani, ƙugiyoyi su ɓace. Amma rubutun da aka mayar zane ba ya gyaruwa, saboda haka a riƙe kwafi na biyu da ba a taɓa ba, don ranar da farashi ko lambar waya za ta sauya. Idan za a tura ta WhatsApp a tura a matsayin `Document`, domin idan aka tura a matsayin hoto yana matse shi ingancin ya ragu.

Mai fentin allo ba ya aiki da HEX. Yaya zan yi da shi?

A kai masa murabba'in nan da aka buga. Ya haɗa fentin ya shafa a ɗan guntun kwano ko katako, a bari ya bushe kafin a kwatanta, don launin fenti yana sauyawa idan ya bushe. Idan ya dace a rubuta irin gwangwanin da aka saya da yadda aka gauraya. Tambarin kuma a buga masa shi a takarda da layukan murabba'i a kai, ya ja irinsu manya a bango ya bi gida-gida, maimakon ya zana daga ka.

Na riga na buga sitika da yawa da tsohon launi. In zubar?

A'a, a ƙarar da su. Abin da ba a so shi ne tsoho da sabo su zauna kafaɗa da kafaɗa a kanta ɗaya. Hajiya na iya kai ragowar tsofaffin goruna shagunan Kongo har su ƙare, sabbin kuma su fara daga Samaru. Hoton WhatsApp da hotunan talla a sauya su rana ɗaya tunda ba sa cin kuɗi. Allo a bar shi har lokacin da rana da ƙurar hunturu suka kodar da shi, sai a buga sabon da lambobin da ke cikin kundi.